Sakan Biyar Kafin a Tsallake: Yadda Tallar Bidiyo Ke Cin Riba ko Cin Kuɗin Mai Ita

Duk wanda ya saba kallon Labarina ko Izzar So a YouTube ya san abin da ke faruwa kafin shiri ya fara. Talla ce za ta fito, a gefen dama ta ƙasa kuma ana ƙirga sakan biyar, babban yatsa yana rataye a wurin yana jiran kalmar Skip ta bayyana. Da ta fito sai a danna, a wuce. Mai kallo yana ɗaukar wannan ɗan lokaci a matsayin takura kawai, amma ga wanda ya zuba kuɗinsa a tallar, a nan ne ake yanke hukuncin ko kuɗin zai dawo ko ya tafi ke nan.

YouTube ya fito da wannan tsari a ƙarshen shekarar 2010, ya sa masa suna TrueView. Kafin lokacin, tallar bidiyo a intanet tana bin sawun ta talabijin: a tilasta wa mutum ya kalla, a caji mai talla bisa yawan mutanen da aka nuna wa. Sabon tsarin ya juya lissafin. An ba mai kallo damar tsallakewa bayan sakan biyar, mai talla kuma ba zai biya ba sai an kalli sakan 30 na tallarsa, ko an kalle ta har ƙarshe idan ba ta kai sakan 30 ba, ko an danna wani abu a cikinta. Wanda ya tsallake a sakan na shida ya ga kayanka, ya ji muryarka, ba ka kuwa biya ko kwabo ba.

Daga wannan ƙa'ida ɗaya ne mafi yawan dabarun sana'ar suka fito, kuma daga rashin fahimtarta ne mafi yawan asarar take zuwa.

Abin da Geico ya gane

Tallar talabijin ta gargajiya tana da tsarin labari. Ana fara shimfiɗa, a kawo matsala, a ja rai, sai a can ƙarshe a bayyana sunan kamfani. Wannan ya dace da mutumin da ke zaune a falo ba shi da yadda zai yi. A YouTube kuwa, idan sunan yana sakan na 28, duk wanda ya tsallake ya tafi bai san ma waye ya yi masa magana ba.

Kamfanin inshorar motoci na Amurka, Geico, ya mayar da wannan matsala abin wasa a shekarar 2015, tare da kamfanin shirya talla na The Martin Agency. A ɗaya daga cikin tallace-tallacen, iyali ne suke zaune a teburin cin abinci. Cikin ’yan sakanni an ambaci rangwamen da kamfanin ke alfahari da shi, babban tambarin Geico ya cika tsakiyar hoton, murya kuma ta sanar da mai kallo cewa ba zai iya tsallake tallar ba domin ta riga ta ƙare. Sai ’yan wasan suka daskare kamar hoto. Amma kyamara ba ta tsaya ba. Wani ƙaton kare ya haye teburin ya shiga cinye taliyar da ke cikin farantai ɗaya bayan ɗaya, su kuwa suna ta ƙoƙarin kada su motsa. Tallar ta lashe babbar kyautar rukunin fim a bikin Cannes Lions na wannan shekarar.

Mutane sun fi tuna karen, amma aikin gaske yana cikin tsarin. Saƙo da suna sun isa ga kowa da kowa kafin maɓallin tsallakewa ya fito. Abin dariyar ya zo daga baya, tukwici ne ga wanda ya ga damar tsayawa, tambarin kamfanin kuma yana gabansa duk tsawon lokacin. Wanda ya tsallake ya tafi da sunan, wanda ya tsaya ya ƙara shaƙuwa da shi. Babu ɓangaren da kamfanin ya yi asara.

Google da kansa ya tattara irin waɗannan darussa cikin shawarwarin da yake kira ABCD: a kama hankali tun daga farko, a nuna suna da wuri, a taɓa zuciyar mai kallo, sannan a faɗa masa abin da ake so ya yi. A aikace, abin da hakan ke nufi ga sakan biyar na farko ba shi da wuyar faɗa. A fara daga tsakiyar al'amari, ba tare da doguwar sallama ko tambari mai juyawa a kan baƙin allo ba. A matso da kyamara kusa, domin fuskar waya ƙarama ce, hoton shago daga nesa ba ya nuna komai. A ga kayan a hannun mutum ana amfani da su. A faɗi sunan da baki, a kuma rubuta shi, sai dai kada rubutun ya faɗa gefen dama ta ƙasa inda maɓallin zai rufe shi.

Batun murya yana da nauyi na musamman ga masu tallata wa Hausawa. A YouTube yawancin mutane suna kallo da sauti a buɗe, tunda shiri suka zo ji da gani. A Facebook da Instagram kuwa bidiyo kan fara tafiya shiru yayin da mutum ke jan yatsa, don haka sai an ɗora rubutu a kan hoton. Tallar da aka shirya wa wuri ɗaya ba lallai ta yi aiki a ɗayan ba. Sannan akwai ɗimbin masu saye da ba su saba karanta boko da sauri ba, waɗanda jumlar farko da suka ji da Hausa ce za ta tsayar da su. Mai talla da ya ɓata sakan biyar ɗinsa da kiɗa kawai ya yar da mafi ƙarfin abin da ke hannunsa.

Tsallakewa a matsayin rariya

A nan ne ya kamata a dakata, domin ’yan kasuwa da yawa suna ɗaukar duk wanda ya tsallake a matsayin asara. A tsarin da ake biya bisa kallo, maɓallin Skip rariya ce: tana zubar da wanda ba ruwansa da kayanka kyauta, ta bar maka wanda yake da niyya. Aikin sakan biyar na farko shi ne ya taimaka wa rariyar ta tace daidai.

A ɗauki misali na lissafi, da alƙaluman da aka ƙaddara don bayani kawai. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana sayar da atamfa da shadda a kan sari, yana aika wa masu shaguna a garuruwa. Ya shirya talla biyu, kowace sakan 40, ya ware wa kowace Naira 100,000.

Ta farko ta buɗe da barkwanci. Wani ɗan wasa ne yake rigima da matarsa a kan kayan Sallah, ba a ambaci shago ba sai wajen sakan na 32. Mutane suna son dariya, sai suka tsaya. A ce cikin kowane mutum 100 da aka nuna wa, 40 sun kai sakan 30, kuma kowane kallo ya tsaya masa a kan Naira 4. Kuɗinsa ya saya masa kallo 25,000, an kuma nuna tallar sau 62,500.

Ta biyu ta buɗe da hannu yana warware turmin atamfa a gaban kyamara, murya tana cewa wannan kira ne ga masu shagon yadi, ga sunan shago, ga mafi ƙarancin adadin da ake sayarwa a sari. Duk wanda ba ɗan kasuwa ba ya gane ba da shi ake ba, ya tsallake. Mutum 20 ne kawai cikin 100 suka kai sakan 30. Da yake gwanjo ake yi a kan guraben talla, kuma tsarin ya fi son tallar da ake kallo, sai farashin kowane kallo ya ɗan hau, a ce Naira 5. Kuɗinsa ya saya masa kallo 20,000, amma an nuna tallar sau 100,000.

Idan ɗan kasuwar ya buɗe shafin rahoto na Google Ads, talla ta farko ce za ta yi masa kyau a ido: kashi 40 a kan kashi 20, ga kallo mai araha. Amma a duba abin da ya samu a zahiri. A ta farko, mutum 37,500 da suka bar tallar sun tafi ba su ji sunan shagonsa ba, waɗanda suka tsaya kuma mafi yawansu dariya ta riƙe su, har ma an caje shi kuɗinsu a sakan na 30 kafin a ambaci shagon. A ta biyu, sau 100,000 aka ji sunan shagon da abin da yake sayarwa, 80,000 daga ciki bai biya komai a kansu ba, waɗanda ya biya dominsu kuwa mutane ne da aka gaya wa cewa maganar sari ce, suka kuma zaɓi su saurara. Idan ta farko ta kawo oda 20, ta biyu ta kawo 50, to kowace oda ta ci Naira 5,000 a ta farko, Naira 2,000 a ta biyu. Tallar da ta fi muni a rahoto ita ce ta fi riba a aljihu.

Wannan lissafi yana da iyaka, kuma wajibi ne a san ta. Ba kowace talla mai maɓallin tsallakewa ake biya bisa kallo ba. Akwai tsarin da ake cajin mai talla bisa kowace nunawa dubu ɗaya, ko an tsallake ko ba a tsallake ba. A irin wannan, tsallakewa ba kyauta ba ce, sai dai hujjar sanya suna da saƙo a farko ta ƙara ƙarfi, tunda an riga an biya kuɗin waɗannan sakanni. Haka kuma idan tallar ta yi rauni har kusan kowa yana gudunta, za ta riƙa faɗuwa a gwanjo, a daina nuna ta sosai ko farashinta ya yi tsada.

Akwai kuma nau'o'in da ba a tsallakewa. A 2016 YouTube ya kawo gajeriyar talla ta sakan shida mai suna Bumper, sannan akwai ta kusan sakan 15 da dole a jira ta ƙare. Ta sakan 30 da ba a tsallakewa an janye ta a 2018, kafin daga baya a dawo da irinta ga masu kallo a akwatin talabijin. Waɗannan sun dace da tunatarwa, kamar sanar da sabon reshe ko rangwamen azumi ga mutanen da suka riga suka san shagon. Abin da ba za su iya gaya maka ba shi ne ko mutane suna so. Tallar da ba a iya tsallakewa kusan kowa zai kai ƙarshenta, don haka wannan adadi ba ya nuna komai game da ingancinta.

Me ake nufi da an kalla?

Kalmar kallo ba ta da ma'ana ɗaya a wannan kasuwa, kuma nan ne ake yawan ruɗar masu talla. A tallar YouTube mai tsallakewa, kallo yana nufin sakan 30 ko ƙarshen talla ko dannawa. Facebook ya daɗe yana ƙirga kallo daga sakan uku, daga baya ya ƙara wani ma'auni mai suna ThruPlay, wanda ke nufin sakan 15 ko ƙarshen bidiyon idan bai kai haka ba. Hukumar da ke tantance ma'aunan kafofin watsa labarai a Amurka, Media Rating Council, tana ɗaukar cewa tallar bidiyo ta samu damar a gan ta idan rabin hotonta ya bayyana a allo na sakan biyu a jere. Idan wani mai shirya talla ya zo ya ce ya samo maka kallo dubu ɗari, tambayar farko ita ce: kallo na sakan nawa, a wane dandali?

Ko manyan kamfanoni sun taɓa faɗawa wannan rami. A watan Satumba na 2016 Facebook ya amsa cewa ya shafe kimanin shekara biyu yana kuskure wajen lissafin matsakaicin lokacin da ake kallon bidiyo. Yana tara duk lokacin da aka kalla, amma sai ya raba shi da adadin waɗanda suka kai sakan uku kawai. A ce mutum 100 ne: 60 sun ga sakan ɗaya sun wuce, 40 sun kalli sakan 20. Jimilla sakan 860 ke nan. Idan aka raba da 100, matsakaici bai kai sakan tara ba. Idan aka raba da 40, ya haura sakan 21. Masu talla sun kai ƙara, a 2019 kamfanin ya amince ya biya Dala miliyan 40 don a sasanta. Abin da wannan ke koya wa ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ya riƙa tambayar da me aka raba, duk lokacin da aka nuna masa wani kaso.

A cikin Google Ads, ma'aunin View rate shi ne yawan kallo a raba da yawan nunawa. Yana da amfani wajen gwada buɗewa biyu na talla ɗaya ga mutane iri ɗaya, amma tsawon talla yana karkatar da shi. Talla mai sakan 15 tana samun kallo da zarar an kai 15, mai sakan 60 sai an kai 30, don haka gwada su da juna zalunci ne. Rahoton da ya fi faɗin gaskiya shi ne wanda ke nuna adadin waɗanda suka kai kashi 25, 50, 75 da 100 na bidiyon. Shi ma sai an karanta shi da lura. A talla mai sakan 20, kashi 25 sakan biyar ne daidai, lokacin da ba a riga an ba kowa damar tsallakewa ba, don haka adadin zai yi sama ko da tallar ba ta da kyau. Faɗuwar da ke tsakanin 25 da 50 ita ce ainihin hukuncin masu kallo. Idan kuwa mutane sun tsaya har rabi sannan suka zube gaba ɗaya, to buɗewar ta yi aiki, tsakiyar ce ta yi sanyi, kuma can ya kamata a yi gyara.

Wani lokaci kyawun adadi shi ne alamar matsala. Idan View rate ya yi tashin da ba a saba gani ba amma waya ba ta ƙara ba, a buɗe rahoton wuraren da aka nuna tallar. Sau da yawa za a tarar ta faɗa tashoshin waƙoƙin yara da zane-zane, inda uwa ta miƙa wa yaro waya, shi kuwa bai damu ya tsallake ba. Ko kuma tana fita a akwatin talabijin da aka kunna aka bar ɗakin. Ana iya cire waɗannan wurare daga jerin, kuma ya kamata a duba tun cikin makon farko.

Cinikin da ya biyo bayan gani

Akwai ma'auni na biyu da sunansa ya yi kama da na farko, amma abin da yake aunawa daban ne. View-through conversions yana ƙirga mutumin da aka nuna wa talla, bai danna ba, sannan daga baya ya je shafin kamfanin da kansa ya yi ciniki ko rajista cikin wani wa'adi, wanda a Google Ads yake farawa a kan kwana ɗaya sai idan mai talla ya canza. Akwai kuma Engaged-view conversions, wanda ke buƙatar a kalli aƙalla sakan goma na talla mai tsallakewa, a kuma yi cinikin cikin kwana uku.

Dalilin samar da su mai kyau ne. Mutumin da ke tsakiyar kallon fim ba zai bar shi ya tafi sayen shadda ba, amma yana iya neman shagon washegari. Idan dannawa kawai ake ƙirgawa, an tauye wa bidiyo haƙƙinsa. Sai dai ma'aunin bai san dalili ba, jerin lokaci kawai ya sani: an nuna, sannan an saya. Tsohon kwastoma da ya riga ya yi niyyar sayen kayan Sallah, talla ta gifta ta gabansa ya tsallake, gobe ya saya kamar yadda ya saba, shi ma za a rubuta shi a lissafin tallar. Abin ya fi tsanani idan ana bin waɗanda suka taɓa ziyartar shafin da talla, domin su ne da ma suka fi kusa da saye. Ƙara tsawon wa'adin zuwa kwana 30 kuma yana kumbura adadin ba tare da an ƙara sayar da ko yadi ɗaya ba.

Maganin da manyan kamfanoni ke amfani da shi shi ne gwaji da rukuni biyu. A nuna wa rukuni ɗaya tallar, a hana ɗayan, sannan a gwada. Tambayoyin nan da YouTube kan jefo wa mai kallo kafin bidiyo, na wane kamfani ka ga tallarsa kwanan nan, ɓangare ne na irin wannan gwaji da ake kira Brand Lift. Bambancin amsoshin rukunan biyu shi ne abin da tallar ta haifar. Wannan yana buƙatar kashe kuɗi mai yawa kafin a samu amsoshin da za su isa.

Ɗan kasuwarmu na Kantin Kwari yana da wata matsalar ta daban. Cinikinsa ba a shafin intanet yake ƙarewa ba. Kira ne, ko saƙon WhatsApp, sai a tura kuɗi ta banki, a ɗora kaya a mota a tasha. Google ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan, don haka rahotonsa zai iya nuna sifili alhali oda tana shigowa. Abin da zai yi yana hannunsa. Ya ba kowace talla lambar waya tata, ko wata kalma da mai saye zai ambata a rage masa wani abu, yaran shago kuma su riƙa rubutawa a littafi. Sannan ya yi nasa gwajin da garuruwa: ya duba littafin odarsa na watannin baya, ya zaɓi garuruwa biyu da cinikinsu ya saba tafiya kusan daidai, a ce Katsina da Sakkwato, ya kunna talla a ɗaya na mako huɗu ya bar ɗayan. Kada gwajin ya faɗo a makonnin da ke gab da Sallah a gari ɗaya kawai ko lokacin da ya canza farashi, domin hakan zai ɓata kwatancin. Idan Katsina ta kawo oda 60, Sakkwato ta kawo 45, to abin da tallar ta ƙara bai wuce oda 15 ba, kuma da wannan 15 ɗin zai raba kuɗin da ya kashe. Idan tazarar ta zama oda biyu ko uku ce kawai, sai ya sauya garuruwan ya maimaita gwajin a wata mai zuwa kafin ya ƙara kuɗi.